Faifai dubu da bashin fam 500: abin da 'yan pank suka yi wa masu dogon kiɗa

Tambaya: Malam, ina yawan karanta cewa kiɗan pank tawaye ne ga furogiresif rok, har wasu na cewa shi ya kashe shi. Me masu furog ɗin suka yi da ya yi zafi haka? Kuma da gaske ne yara marasa kuɗi, waɗanda ko kiɗan ba su gama iyawa ba, sun riƙa fitar da faifai da shirya wasa da kansu, ko dai labari ne aka ƙawata daga baya?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar kisa an yi mata gishiri, amma maganar yin abu da kai gaskiya ce, kuma akwai lissafinta a rubuce, fam da fam. Zan bi da kai ta Birtaniya a shekarun 1970, domin a can ne rigimar ta fi fitowa fili, kuma zan daɗe a kan faifai guda ɗaya da wasu samari huɗu suka fitar a Manchester, saboda a ganina wanda ya fahimci yadda aka yi wannan faifan ya fahimci pank.

Pank kiɗan rok ne mai gajerun waƙoƙi masu sauri da ƙara. Furog kuwa kiɗan rok ne da wasu ƙwararrun makaɗa suka ɗauka suka faɗaɗa tun daga ƙarshen shekarun 1960. Sun aro tsari daga kiɗan gargajiyar Turai na manyan zauruka da kuma jaz, suka riƙa tsawaita waƙa, suna sauya bugu a tsakiyarta, kowane makaɗi yana samun filin da zai nuna gwanintarsa shi kaɗai. A 1972 Jethro Tull suka fitar da Thick as a Brick, waƙa ɗaya tal da ta cinye faifai gaba da baya, sama da minti 40. A ƙarshen 1973 Yes suka fitar da Tales from Topographic Oceans, faifai biyu ɗauke da waƙa huɗu, kowace kusan minti 20, bayan sun kwashe watanni a situdiyo. A watan Mayun 1975 Rick Wakeman, mai kaɗa ogan da ya bar Yes, ya kai kundinsa na labarin Sarki Arthur zauren Wembley, aka yi wasan a kan ƙanƙara da masu zamiya da cikakkiyar tawagar makaɗa da mawaƙan amshi. Zauren ya cika, amma duk da haka asara aka tafka, don kuɗin da aka kashe ya fi abin da tikiti zai iya mayarwa. Emerson, Lake & Palmer kuwa a 1977 sun fita rangadin Amurka da tawagar makaɗa kusan 70, ba a je ko'ina ba suka sallame su saboda aljihu ya kasa, sai a 'yan wasanni kaɗan aka sake kiransu.

Ni ban ɗauki waɗannan mutane a matsayin 'yan damfara ba. Sun iya aikinsu ƙwarai, kuma a cikin abin da suka bari akwai kiɗan da har yau yake tsaye da ƙafarsa. Matsalar tana ga yaron da ke kallonsu. Ka ɗauki saurayi ɗan shekara 17 a Salford ko kudancin Landan a 1975, shekarar da tsadar kaya ta haura kashi 20 cikin ɗari kuma marasa aiki suka wuce miliyan ɗaya. Ya biya kuɗi ya shiga ƙaton zaure, ya hango mawaƙan can nesa cikin hayaƙi da fitilu, a gaban mai ogan akwai na'urori jere waɗanda kuɗin guda ɗaya ya fi albashinsa na watanni. Abin da zai koma gida da shi shi ne cewa wannan sana'a ba tasa ba ce. Kafin ya hau dandamali sai ya yi shekaru yana koyo, sai ya mallaki kayan dubban fam, sai wani babban kamfani a Landan ya yarda ya zuba masa kuɗin situdiyo. Ƙofa uku ke nan, kuma duka a kulle. Fushin pank a kan waɗannan ƙofofi ya fi ƙarfi, tsawon waƙa alama ce kawai da ido ke iya gani.

Shi ya sa labarin rigar John Lydon ya yi suna. A 1975 an gan shi a titin King's Road sanye da rigar ƙungiyar furog ta Pink Floyd wadda ya rubuta kalmar ƙiyayya a saman sunan da hannunsa, kuma wannan na cikin abin da ya sa aka gayyace shi ya zama mawaƙin ƙungiyar pank ta Sex Pistols. Amma shi wannan Lydon ɗin, da aka ba shi fili a gidan rediyon Capital a watan Yulin 1977 ya zaɓi waƙoƙin da yake so, sai ga shi ya sa Peter Hammill na Van der Graaf Generator, wanda cikakken ɗan furog ne, ya sa Can ta Jamus, ya sa rege mai yawa. The Damned, waɗanda suka riga kowa a Birtaniya fitar da ƙaramin faifan pank a watan Oktoban 1976, da suka zo kundinsu na biyu Nick Mason mai gangunan Pink Floyd ne ya shirya musu shi. Batun kisa kuma alƙaluma ba su goyi bayansa ba. King Crimson sun watse tun 1974, Peter Gabriel ya bar Genesis a 1975, duk kafin pank ya yi ƙarfi. A 1977, shekarar da ake kira ta pank, kundin Yes mai suna Going for the One ya hau lamba ɗaya a Birtaniya, kuma The Wall na Pink Floyd da ya fito a 1979 ya sayar da abin da babu wani ɗan pank da ya kusance shi. Abin da furog ya rasa shi ne ƙima a idon matasa da marubutan jaridun kiɗa na mako-mako. Kasuwarsa ba ta mutu ba.

Kafin mu je Manchester, akwai abin da ya kamata a faɗa game da manyan sunayen pank, don mutane kan cakuɗa su da masu yin abu da kansu. Sex Pistols sun sa hannu da kamfanin faifai na EMI a watan Oktoban 1976 kan fam 40,000, daga nan A&M, daga nan Virgin. Kundinsu Chris Thomas ne ya shirya shi, mutumin da ya yi aikin daidaita sauti a The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, kuma an ɗora jita a kan jita sau da yawa kafin a sami wannan kauri da ake ji. The Clash sun sa hannu da CBS a watan Janairun 1977 kan fam 100,000. Ramones na New York, waɗanda kundinsu na farko ya fito a watan Afrilun 1976 da waƙa 14 cikin minti 29 a kan dala 6,400, su ma kamfanin Sire ne ya fitar da su. Waɗannan sun rushe ƙofar farko, wato sun nuna ba sai ka zama gwani ba kafin a saurare ka. Sauran ƙofofin biyu wasu ne suka ɓalle su.

A watan Fabrairun 1976 wasu ɗalibai biyu na kwalejin fasaha ta Bolton, waɗanda daga baya aka san su da Howard Devoto da Pete Shelley, suka karanta ɗan gajeren rahoto a jaridar NME kan wata sabuwar ƙungiya mai suna Sex Pistols. Suka ari mota suka nufi kudu, suka kalle su a High Wycombe. Da suka dawo ba su jira wani mai shirya wasanni ya kawo su arewa ba. Suka yi magana da manajan ƙungiyar, Malcolm McLaren, suka kama hayar ƙaramin zaure da ke saman Free Trade Hall a Manchester, suka buga tikiti da kansu a kan rabin fam, aka yi wasa ranar 4 ga Yunin 1976. Mutanen da suka zo ba su fi 40 ba a ƙiyasin da aka fi yarda da shi. Su kansu masu shiryawar sun so su buɗe wasan da tasu ƙungiyar, Buzzcocks, amma ba su da cikakkun 'yan kiɗa, sai a wasa na biyu ranar 20 ga Yuli suka hau, kuma a ranar mutane ɗaruruwa ne suka zo.

Ka lura da abin da ƙaramin zaure yake yi wanda babba ba ya yi. Mai kallo yana tsaye taku kaɗan daga mai jita, yana ganin inda yatsunsa suke, yana jin kuskurensa, yana ganin amfilifayarsa irin wadda ake sayarwa a shagon kayan hannu. A cikin 'yan kallon wasan farko akwai Peter Hook da Bernard Sumner. Washegari Hook ya je ya sayi jitar bas a kan fam 35, kuma daga nan Joy Division ta samo asali. Morrissey, wanda daga baya ya jagoranci The Smiths, yana wurin. Mark E. Smith na The Fall ya halarci ɗaya daga cikin wasannin biyu. Wasan da ya tara mutum 40 ya haifar da ƙungiyoyi fiye da wasan da ya tara dubu goma, domin kowa ya fita da tunanin cewa shi ma zai iya.

Wannan tunani shi wata 'yar mujalla mai suna Sideburns ta zana a shafi guda a watan Janairun 1977. An zana yadda ake ɗora yatsu a kan tsirkiyoyin jita don fitar da amo uku, waɗanda ake kira A da E da G, aka rubuta a ƙasa cewa ga ɗaya, ga wani, ga na uku, to je ka kafa ƙungiya. A aikace ma abin ya fi haka sauƙi. Yawancin 'yan pank kamu ɗaya suke koya, yatsa ɗaya a kan tsirkiya mai kauri, ɗaya ko biyu a kan na kusa da ita, sai su riƙa zame hannun sama da ƙasa a wuyan jitar ba tare da sauya siffarsa ba. Idan aka murɗa amfilifaya har sautin ya dusashe ya yi ƙara, wannan kamu yakan fito da kauri, kuma yana rufe ƙananan kurakurai. Wahalar tana hannun dama, wanda zai riƙa bugawa ƙasa-ƙasa da sauri na minti biyu ba tare da ya sassauta ba, da kuma mai ganguna. Idan kana son ka gane ƙungiyar pank da ba ta nuna ba, saurari mai ganguna: za ka ji waƙar ta fara da wani sauri ta ƙare da wani, ko bas da ganga suna rabuwa a wurin juyi. Buzzcocks sun yi sa'a a nan, don John Maher, wanda shekararsa 16 lokacin, hannunsa daidai yake.

Su waɗannan mujallu ma da hannu ake yinsu. Mark Perry, ma'aikacin banki a Landan, ya fara Sniffin' Glue a watan Yulin 1976 da ƙaramin tafireta da alƙalami mai kauri, aka yi fotokwafin kusan guda 50 aka maƙale da ƙusar takarda. Kafin ya rufe ta a 1977 tana fita dubbai.

Yanzu ga faifan. Zuwa ƙarshen 1976 Buzzcocks suna da waƙoƙi, suna da 'yan kallo a Manchester, amma babu wani kamfani daga Landan da ya tako ya zo. Sai su da manajansu Richard Boon suka yanke shawarar su zama kamfanin kansu, suka raɗa masa suna New Hormones. Suka tara kusan fam 500 bashi daga abokai da dangi, kuma babban kaso daga mahaifin Shelley ya fito. Ranar 28 ga Disamba, cikin hutun Kirsimeti, suka shiga situdiyon Indigo da ke Manchester tare da Martin Hannett a matsayin mai shiryawa. Devoto ya ce awa uku suka yi suna ɗauka, awa biyu suna daidaita sauti. Waƙa huɗu, jimilla kusan minti 10. Jitar Shelley wata mai araha ce ƙirar Starway wadda rabin jikinta na sama ya ɓalle.

Yadda ake samun waƙa huɗu cikin awa uku shi ne a zo a shirye kuma a kaɗa tare. A situdiyon furog akan ɗauki ganguna daban, bas daban, a yi kwanaki ana ɗora ogan da muryoyi ɗaya bisa ɗaya a kan layukan tef. Kowace awa kuɗi ce. Su kuwa waɗannan sun riga sun kaɗa waƙoƙin a gaban jama'a na watanni, don haka suka tsaya su huɗu suka buga kamar a dandamali, sannan aka ƙara jita ɗaya a sama inda ake bukata. Kuma ba su ɓoye ba. A bayan jakar faifan sun rubuta gaban kowace waƙa ko ɗauka ta nawa ce aka yi amfani da ita da kuma ko an yi ɗori: yawanci ɗaukar farko da ɗorin jita guda, ɗaya kuma ɗauka ta uku babu ɗori ko kaɗan. Hoton gaba Boon ne ya ɗauka da kyamarar Polaroid mai fitar da hoto nan take. A waƙar Boredom, daidai wurin da mai sauraron rok ya saba jin gwanin jita ya yi ta yawo a kan tsirkiya, Shelley amo biyu kawai ya yi ta maimaitawa, sau 66. Duk wanda ya taɓa zama ya saurari mai jitar furog yana nuna bajinta na minti biyar ya san da wa ake.

Daga situdiyo abin da kake fita da shi tef ne, kuma tef ba ya shiga garmaho. Akwai matakai a gaba, kowanne da kuɗinsa, kuma sanin waɗannan matakai shi ne sirrin da manyan kamfanoni suka daɗe suna riƙe da shi ba tare da an ma tambaye su ba. Da farko za ka kai tef ɗin wurin mai yanka, ya sa allura ta sassaƙa sautin a kan wani faifai mai laushi, fuska ɗaya faifai ɗaya. Daga nan a kai masana'anta a yi masa wanka da ƙarfe a fitar da hatimi, wanda shi ne zai riƙa danna narkakkiyar roba. Sai su buga 'yan ƙwaya kaɗan na gwaji su aiko maka. Wannan gwaji shi ne damarka ta ƙarshe: ka saurara ko allura na tsalle, ko akwai ƙara mai dawowa a kowane zagaye, ko ramin tsakiya ya goce har sautin yana lilo. Idan ka amince aka buga dubu, duk aibin da ke ciki ya zama naka. Akwai kuma iyaka ta jiki: ƙaramin faifai mai inci 7 da ke juyawa sau 45 a minti, idan ka cusa masa fiye da minti huɗu ko biyar a fuska ɗaya, dole mai yanka ya matse layukan ya rage ƙarfin sauti. Gajerun waƙoƙin pank sun dace da wannan faifai, biyu a kowace fuska, alhali waƙar furog mai minti 20 ba ta da gurbi sai a babban faifai mai tsada.

An buga musu 1,000. Su da kansu suka zauna suna duba kowane faifai suna zura shi a jaka. Spiral Scratch ya fito ranar 29 ga Janairun 1977. Raba fam 500 gida dubu, kowane faifai ya tsaya musu a kan rabin fam. Amma lissafin da ya fi muhimmanci shi ne wannan: kuɗin situdiyo da yanka da hatimi sau ɗaya ake biyansu, don haka bugu na biyu roba da takarda kawai za ka saya. Dubun farko bashi take biya, riba a bugu na gaba take. Sun sayar ta hanyar wasiƙa, da shagon Virgin na Manchester, da shagon Rough Trade da Geoff Travis ya buɗe a yammacin Landan a 1976, kuma John Peel ya riƙa sa shi a shirinsa na dare a rediyon BBC. Dubun ta ƙare nan da nan, suka yi ta sake bugawa da kuɗin da ya shigo har aka sayar da kusan 16,000.

Ba su ne farkon waɗanda suka taɓa yin haka ba. The Saints na birnin Brisbane a Ostareliya sun buga nasu guda 500 da kansu tun watan Satumban 1976, kuma ƙananan kamfanoni irin su Stiff da Chiswick suna nan kafin wannan. Abin da ya bambanta Spiral Scratch shi ne ya fito daga wajen Landan, ya sayu sosai, kuma jakarsa ta nuna wa mai saye yadda aka yi. Waɗanda suka biyo baya sai suka ƙara buɗe littafin. Desperate Bicycles na gabashin Landan sun fitar da faifansu na farko a 1977, guda 500, a kan fam 153, har da kuɗin awa uku na situdiyo da jaka, wato ƙasa da sulusin fam kowane ɗaya. Dabarar da suka yi ita ce sa waƙoƙin biyu a fuska ɗaya, sannan aka buga abu ɗaya gaba da baya, don kada su biya kuɗin yanka sau biyu. A ƙarshen waƙar suka yi kira cewa abin da sauƙi, da araha, kowa ya je ya yi. A 1978 Scritti Politti suka buga a jikin jakar faifansu nawa suka biya a kowane mataki da sunayen wuraren da suka yi musu aikin. Wannan a wurina shi ne ainihin tawayen, ya fi zagin da Sex Pistols suka yi a talabijin nesa ba kusa ba, don wanda ya sayi faifan ya sayi takardar koyon sana'a tare da shi.

To amma kada in bar ka da rabin labari. Yin faifai ya zama mai sauƙi, sayar da shi da karɓo kuɗin ne ya ci gaba da wahala. Shago yakan karɓi kaya a kan sai an sayar a biya, ko ya biya bayan wata biyu ko uku, alhali masana'anta tana son kuɗinta kafin ta kunna inji. Saboda haka faifan da ya karɓu yana iya jefa mai shi cikin matsi fiye da wanda bai karɓu ba: ana nema, babu kaya, kuɗin kuma suna hannun masu shaguna, kafin su dawo zafin neman ya huce. Marubutan littattafan Hausa da suka riƙa buga nasu da kansu a Kano suna kai wa 'yan kasuwa sun san wannan ciwo sarai. Ga kuma masana'antun da ke sa ƙaramin aiki a bayan layi duk lokacin da babban kamfani ya kawo nasa. Buzzcocks ɗin kansu ba su daɗe a wannan hanya ba. Devoto ya bar ƙungiyar a watan Fabrairun 1977, makonni kaɗan bayan fitowar faifan, sauran kuma suka sa hannu da United Artists a watan Agusta. New Hormones ta biya kuɗin ɗaukar waƙoƙin farko na The Fall amma ba ta sami kuɗin buga su ba, sai wani kamfani, Step Forward, ya fitar da su a 1978.

Wasanni ma suna da nasu cikas. Bayan Sex Pistols sun yi ashar a shirin talabijin na Bill Grundy ranar 1 ga Disamban 1976, hukumomin garuruwa da masu zauruka suka soke mafi yawan wasannin rangadinsu. A bikin pank na 100 Club a watan Satumban wannan shekara, inda Siouxsie and the Banshees suka hau dandamali karon farko ba tare da sun tanadi waƙa ko ɗaya ba, an jefa kofin gilashi ya fashe ya raunata wata yarinya a ido, kuma wurin ya daina karɓar 'yan pank. Kulob ɗin Roxy da Andy Czezowski ya buɗe a Covent Garden kwana 100 kawai ya yi a hannunsa. Electric Circus na Manchester an rufe shi a watan Oktoban 1977. Wanda ya kama hayar zaure da sunansa shi ke ɗaukar asarar kujerar da aka karya da tikitin da bai sayu ba, kuma ɗabi'ar tofa wa mawaƙa yawu da ta yaɗu a lokacin abin ƙyama ce da ta sa wasunsu rashin lafiya. Ban ga dalilin ƙawata wannan ba. Abin da zan yaba shi ne waɗanda suka samu shiga ta wannan ƙofa, musamman mata irin su The Slits da Poly Styrene ta X-Ray Spex, waɗanda a dandamalin furog da wuya ka ga irinsu riƙe da kayan kiɗa ko suna jagorantar ƙungiya.

Maganin matsalar rarrabawa daga shaguna ya fito. Rough Trade ta fara aika faifan ƙananan ƙungiyoyi zuwa wasu shaguna masu zaman kansu, ta zama kamfanin faifai a 1978, tana raba riba biyu daidai da mawaƙa bayan an cire kuɗin da aka kashe, abin da ya yi nisa da ɗan kason da manyan kamfanoni ke bayarwa. A 1979 ta fitar da Inflammable Material na Stiff Little Fingers daga Belfast, ya kai lamba 14 a jerin ƙasa, ya sayar da sama da 100,000 ba tare da hannun babban kamfani ba. A farkon 1980 aka fara buga jerin cinikin faifan masu zaman kansu daban, daga baya kuma Rough Trade da wasu shaguna na yankuna suka haɗu a wata ƙawance mai suna Cartel, kowa yana rarraba kayan sauran a yankinsa. Crass suka riƙa buga farashi a jikin jaka suna gargaɗin mai saye kada ya biya fiye da haka, don kada mai shago ya tsauwala. A Amurka Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa Dischord a Washington a 1980, suna yanka jakunkuna suna liƙawa da hannu, kuma ƙungiyar da MacKaye ya kafa daga baya, Fugazi, ta daɗe tana riƙe kuɗin shiga wasanta a kan dala 5 tare da barin yara ƙanana su shiga. Sashen rarrabawa na Rough Trade kuwa ya durƙushe a 1991, da kuɗin ƙananan kamfanoni da yawa a hannunsa, bayan ya girma fiye da yadda tsarin kuɗinsa zai iya ɗauka. Dischord, wadda ba ta taɓa yarda ta yi irin wannan girma ba, tana nan tana sayar da faifai.